Fitar da Sibi Daban-daban Daga Uwar Takarda Ɗaya

Uwar takarda ita ce sibin da mai neman aiki yake ajiyewa don kansa, ba ya aika wa kowa. A ciki yake rubuta duk makarantar da ya yi da duk wurin da ya yi aiki, da sunan muƙaminsa kamar yadda yake a takardar ɗauka, da watan farawa da na bari, da abin da ya yi da hannunsa. Ko ta kai shafi biyar ba laifi. Daga gare ta ake yanko wadda za a aika, shafi ɗaya ko biyu.

Abin da ake sauyawa shi ne jeri da tsawo da kalmomi. Muƙami da kwanan wata da adadi kuwa ba a taɓa su.

A ɗauki misalin matashiyar da ta karanta akanta, ta yi bautar ƙasa tana koyar da lissafi, sannan ta yi shekara uku a wani kantin magani. Can tana rubuta cinikin yau da kullum a Excel, tana kai kuɗi banki, tana ƙirga kaya duk ƙarshen wata, tana ware magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Idan gurbin na ofishin kuɗi ne, rubuta ciniki da kai kuɗi banki su za su zo a sama, ƙirgar kaya ta samu layi ɗaya. Idan na mai kula da sito ne, sai jerin ya juye: ƙirga da bibiyar wa'adi su hau gaba, a faɗi yawan kayan in har tana da tabbacin adadin. Koyarwar bautar ƙasa tana nan a duka biyun, a taƙaice, don kada shekarar ta zama giɓi.

Wajen aro kalmomin sanarwa ake yawan zamewa. In sanarwar ta ce “kula da kayan ajiya”, matashiyar na iya kiran ƙirgarta da wannan suna, domin aikin ɗaya ne. Amma in ta nemi wanda ya iya QuickBooks, Excel ba zai zama shi ba. Haka wadda ta taya akanta haɗa rahoton shekara za ta rubuta “na taimaka”, ba “na jagoranta” ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: da za a karanta wa tsohon maigidanta layin, zai gyaɗa kai? Sau da yawa ma tambaya ɗaya a intabiyu, “yaya kika yi shi?”, ta isa ta tona ƙarin gishiri.

Kowane sabon kwafi daga uwar ake fitar da shi, ba daga kwafin baya ba, domin ta nan kuskure yake yaɗuwa har takardu biyu su saɓa a kan shekara guda. Ana sa wa fayil sunan gurbin da ranar aikawa, a sake karanta shi kafin shiga intabiyu.