Yadda tela a Misau zai rubuta nazarin kasuwa don neman rancen banki

Duk telan da ya nemi rance a bankin kasuwanci ko a Bankin Masana'antu, za a buƙaci ya gabatar da rubutaccen tsarin kasuwancinsa. A cikin tsarin akwai sashen nazarin kasuwa, wanda a nan ne jami'in banki ke neman amsar tambaya ɗaya: shin cinikin shagon zai iya biyan bashin a kowane wata, har da watannin da ɗinki ke ja baya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe sashen da yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Misau na da mutum fiye da 260,000, amma wannan adadi ba shi ne kasuwar shago mai keke uku ba. Da yawa daga cikinsu suna ƙauyuka, wasu suna da telansu na gado, wasu kuma gwanjo ko ɗinkakkun kayan da ake sarowa daga Kano suke saye.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce littafin awo. A ɗauka misali littafin wani shagon ɗinkin maza ya nuna mutum 240 ne suka kawo ɗinki bara, kowanne kimanin kaya uku, wato kaya 720. Sai tela ya rarraba su wata-wata, ya kuma nuna daga ina masu ɗinkin suka fito: ma'aikatan gwamnati, ɗaliban kwalejin A.D. Rufa'i, ko manoman Hardawa da Akuyam da ke ɗinki bayan kaka.

Rarrabawar ce ke fito da gaskiyar lamari. Idan kaya 300 an ɗinka su ne a watan azumi da gabanin Babbar Sallah, sauran 420 sun faɗa cikin wata goma, wato 42 a wata. A kan Naira 5,000 kowane kaya, cinikin wata ya kama Naira 210,000. Idan aka cire kuɗin yaran shago, zare, man janareta da haya, a ce Naira 140,000, abin da ya rage Naira 70,000 ne.

To idan rancen na Naira miliyan 1.2 ne don sayen keken aikin wuya, kuma za a riƙa biyan Naira 120,000 duk wata tare da kuɗin ruwa har tsawon shekara, lissafin bai kai ba. Telan da ya ninka cinikin azumi sau goma sha biyu ya ɓoye wannan giɓi ne a takarda kawai, kuma bayanan asusunsa na banki za su tona shi.

Aikin nazarin kasuwa shi ne ya nuna daga ina za a cike giɓin. Idan shagon na aika riguna 20 duk wata zuwa Azare don a yi musu aikin wuya a kan Naira 3,000 kowace, Naira 60,000 ke nan da za ta dawo shago, kafin a cire kuɗin zare da mai. Jimillar Naira 130,000 da ƙyar ta haura abin da za a biya, don haka akwai buƙatar ƙarin hujja. Takardar yarjejeniya da wata makaranta kan ɗinkin kayan ɗalibai kafin zangon Satumba, ko jerin telolin unguwa da suka amince su riƙa kawo aikin wuya, sun fi alƙawarin baki nauyi a idon banki.

Daga nan sai bayanin abokan gasa. Tela ya zaga ya ƙirga shagunan da ke kusa da shi, ya rubuta farashinsu, da kwanakin da suke ɗauka kafin su ba da kaya, da waɗanda suka riga suka mallaki irin keken. Rubuta cewa babu mai gasa da shi na sa jami'in banki ya yi shakkar sauran bayanan.

Ya kamata kuma sashen ya ambaci abin da ka iya rage ciniki. Tsadar shadda da yadi a Kantin Kwari na sa magidanci ya rage yawan kayan da zai ɗinka, haka ma jinkirin albashi ko rashin kyawun damina. Ita ma Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka a tsara watannin ciniki bisa kalandar shekarar da za a biya bashin.

Idan bayan duk wannan watannin ƙarancin aiki ba su ɗauki biyan ba, tela na iya neman a tsawaita wa'adin zuwa wata 18, ko ya rage kuɗin da yake nema.