Hoton takarda da salula: me ke sa rubutu ya ƙi karantuwa?

Ƴan Nijar mazauna Legas, Abijan ko Tarabulus sukan buƙaci a turo musu hoton takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa ko rasidin aika kuɗi daga gida. Sau da yawa hoton kan iso dishi-dishi, har ba a iya bambance 3 da 8. Lamba ɗaya da ta rikice ta isa ta hana mutum karɓar kuɗinsa ranar. Galibi ba tsufan salula ba ne matsalar, yadda aka ɗauki hoton ne.

Abu na farko shi ne gilashin kyamara. Salula na yini a aljihu da tafin hannu, tana kwasar maiƙo da zufa, ga ƙurar hunturu a Maradi da Damagaram. Alamar datti ita ce hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo, ko hasken fitila ya riƙa jan zare. A fara hure ƙurar kafin a goge da ƙyalle mai laushi, domin yashi na iya karce gilashin.

Sai haske. A ɗaki mai duhu kyamara kan daɗe a buɗe don ta tara haske, kuma a wannan ɗan lokacin ko ƙaramar rawar hannu na jirkita haruffa. Mafita ita ce a shimfiɗa takardar a bakin taga ko a inuwar zaure da rana. Fitilar salula ba ta da amfani a nan, musamman kan katin da aka rufe da leda, inda take barin farin tabo a kan rubutu.

Kusantowa ma tana da iyaka. Yawancin kyamarorin salula ba sa iya saita abin da bai kai nisan santimita 10 ba. A ja baya har takardar ta cika fuskar waya, a riƙe salular daidai samanta ba a karkace ba, sannan a taɓa kan rubutun da yatsa. A jira daƙiƙa ɗaya haruffa su fito tar kafin a danna.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne jawo hoto da yatsu biyu. A salular da ba ta da kyamarar hangen nesa, wannan yanke hoto ne kawai a hura shi. Kyamara mai ɗigo miliyan 12, in aka jawo ninki biyu, miliyan 3 ke saura. A ninki huɗu ba ya ma kai miliyan ɗaya. Gara a matsa da ƙafa.

Kafin turawa, a buɗe hoton a duba mafi ƙanƙantar lamba da hatimi. In sun karantu, a aika ta WhatsApp a matsayin “Document”, domin ta hanyar da aka saba manhajar na matse hoto ta rage ingancinsa.