Labarin da Za a Ba Yaro Kafin a Ɗebi Jininsa

Yaron da kullum ake razana shi da "ka yi shiru ko a yi maka allura", ranar da likita ya tura shi ɗakin gwaji, kuka ya zama dole. Abu biyu ke damunsa: zafin allura, da tunanin cewa jininsa zai ƙare. Gajeren labari kan rage duka biyun, muddin gaskiya ce a cikinsa. Ga irin wanda uwa za ta iya ba ɗan shekara biyar ko shida da safiyar ranar:

"Akwai wata yarinya, Ladidi, da zazzaɓi ya hana ta wasa. Likita ya ce sai an tambayi jininta abin da ke faruwa. Ladidi ta ce, 'Umma, za a kwashe mini jinina duka?' Umma ta ɗauko cokalin shayi ta ce, 'Wanda za a ɗiba bai wuce cikin wannan ba, kuma jikinki zai mayar da shi.'

"Da suka je, Ladidi ta zauna a cinyar Umma, Umma ta rungume ta. Malamar gwaji ta ɗaura mata igiyar roba a damtse, ya ɗan matse ta. Ta goge gwiwar hannun ta ciki da auduga mai sanyi. 'Baba, akwai zafi?' in ji Ladidi. 'Akwai, 'yata, kamar cizon cinnaka, amma ba ya daɗewa. Kada dai ki motsa hannun.' Ladidi ta kalli fuskar Umma tana hura iska a hankali, Umma tana ƙirga mata. Ta yi ɗan hawaye. Can sai aka kwance igiyar, aka zare allurar, aka ce ta danne wurin da auduga. A cikin wannan jinin aka gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, aka ba ta maganin da ya dace."

A lura, Ladidi ta yi hawaye kuma ba wanda ya tsawata mata. Da gangan ne. Yaron da aka ce masa "babu zafi" ya kuma ji zafi, ya daina yarda da ke, zuwa na gaba sai an danne shi. Abin da ake nema a wurinsa hannu ya tsaya cik, domin motsi ke sa a kuskure jijiya har a sake huda.

Maganar cokalin ma ba yaudara ba ce. Cokalin shayi mililita 5 ne, gwaje-gwajen yau da kullum kan buƙaci mililita 2 zuwa 5, alhali yaro mai kilo 20 yana da jini wajen lita ɗaya da rabi. Idan kuwa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro ne, ɗigo ake tatsa a yatsa, don haka a canza labarin ya dace da abin da yaron zai gani.

Iyaye, ku tambayi likita wane gwaji ya rubuta kafin ku ba da labarin, ku ba yaron ruwa ya sha kafin ku fita, kuma ku daina tsorata shi da allura a gida.