Ƙirga Kalmomi a Excel: Auna, Cire, Sake Aunawa

Wanda ya saba da Word ya san adadin kalmomi na nan a ƙasan shafi. A Excel kuwa babu wani umarni da aka keɓe wa wannan aiki, shi ya sa masu tattara sunaye da amsoshin tambayoyi suke haɗa LEN da SUBSTITUTE. LEN yana ƙirga duk abin da ke cikin akwati, har tazarar da ke tsakanin kalmomi. SUBSTITUTE kuma yana musanya wani harafi da wani, ko ya share shi gaba ɗaya.

Dabarar irin ta mai awo ce: a auna buhu, a kwashe wani abu daga ciki, a sake aunawa, bambancin shi ne abin da aka kwashe. A ce akwatin A2 na ɗauke da "Audu ya tafi kasuwa". LEN zai ba da 19, wato haruffa 16 da tazara 3. Idan aka share tazarar, 16 ce za ta rage. Tazara uku ke nan, kuma kalmomi kullum sun fi tazara da ɗaya, sai a ƙara 1 a samu 4.

```
=LEN(TRIM(A2))-LEN(SUBSTITUTE(A2," ",""))+1
```

TRIM ɗin nan yana da dalili. Mai buga rubutu kan danna tazara sau biyu bai lura ba, sai LEN ya ce 20, kalmomi huɗu su koma biyar. TRIM ne ke mayar da tazarar guda ɗaya, ya kuma goge ta farko da ta ƙarshe. Sai dai akwatin da babu komai cikinsa zai nuna 1, wanda a jerin layi ɗaruruwa ke ɓata jimilla ba a sani ba. Maganinsa a rufe fomular da IF:

```
=IF(TRIM(A2)="",0,LEN(TRIM(A2))-LEN(SUBSTITUTE(A2," ",""))+1)
```

Ƙirga harafi ɗaya ma haka yake, har ya fi sauƙi tunda ba a ƙara komai. A share "a" daga jimlar, 15 ta rage, amsa 4. Amma mai ido zai ga biyar ne. SUBSTITUTE yana bambanta babban harafi da ƙarami, don haka ya tsallake A ta Audu. LOWER ne ke fara ƙanƙantar da su duka:

```
=LEN(A2)-LEN(SUBSTITUTE(LOWER(A2),"a",""))
```

Mai rubutun Hausa yana da ƙarin abin kiyayewa. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne daban, saboda haka neman "k" a cikin "ƙasa" sifili zai bayar, kuma daidai ne. In kuwa "sh" ake nema, kowace sharewa na tafiya da haruffa biyu: "shashasha" zai ba da bambancin 6, sai a raba shi gida 2 a samu 3.