Mai sayar da tarwada, tambayoyin da ake maka su ne gyaran tallarka



"Akwai manyan tarwada, mai buƙata ya yi magana." Haka yawancinmu ke rubuta talla, sannan mu wuni muna amsa waya, kifi kuwa yana nan a ruwa yana cin abincin da ba zai dawo da kuɗinsa ba. Ka koma kan saƙonnin sati biyu da suka wuce. Duk tambayar da mutum uku suka yi, ka sa amsarta cikin tallar.

A harkar tarwada wadda ta fi yawa ita ce: "Guda nawa ke shiga kilo?" Dalili kuwa, kalmar "manya" ba ta auna komai. Mai gasa kifi yana neman guda ɗaya mai kilo ɗaya ko fiye, don ɗai-ɗai yake sayarwa. Mai banda ya fi son ƙanana, uku ko huɗu a kilo, saboda sun fi saurin bushewa a wuta kuma sun fi shiga aljihun mai cefane. In ba ka faɗi girma ba, su biyun za su kira, wani ma ya biya kuɗin mota ya zo ya juya. Kuma don Allah kada ka ƙiyasta da ido. Kamo guda 20 ba tare da zaɓe ba, ka ɗora a sikeli. In sun ba ka kilo 16, kowanne giram 800 ke nan, kada ka rubuta kilo ɗaya.

Sai masu tambayar "Yaushe ka ba su abinci?" Wannan dillali ne da ya san harka, tsoronsa ya biya kuɗin abincin da ke cikin tumbi, kifin kuma ya amayar a hanya, ruwa ya ɓaci, wasu su mutu. Ka tsayar da abinci awa 24 kafin kamu, ka kuma rubuta hakan.

Tallar sai ta koma kamar haka: "Tarwada mai rai, wata 5, kowanne kimanin giram 800. Akwai kilo 300, mafi ƙarancin saye kilo 20. Ba a ba su abinci kwana ɗaya kafin awo. Ana aunawa a gabanka da safe. Zo da mazubinka." Ka ƙara unguwa, kuɗin kilo, da ranar da ka sa farashin, tunda kuɗin abincin kifi ba ya zama wuri ɗaya.

"Nawa ne gaskiyarsa?" kam ba ta da magani, ko me ka rubuta sai an taya. Iyaka ka faɗi daga kilo nawa ragi yake farawa. In kuma manyan sun ƙare, ka sake awo ka gyara lambar a ranar.