Bin Sawun Ƙananan Rubutun da Ke Ƙasan Shafi

Wanda ya taɓa buɗe littafin tarihi da aka rubuta da Turanci ya san ƙananan rubutun nan da ake jerawa a ƙasan shafi, kowanne da lambarsa. A nan ne marubuci yake faɗin inda ya samo maganarsa, kamar yadda mai ruwaito hadisi yake kawo isnadi. Sai dai sau da yawa ba ya rubuta cikakken sunan littafin. Yakan bar wasu gajerun haruffa na harshen Latin, kuma wanda bai san su ba, a nan sawu yake ɓace masa.

A ce kana karanta wani littafi a kan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai wata magana ta tsaya maka a rai. Ka duba lambarta, 31, ka gangara ƙasa, ka tarar an rubuta ibid., 60. Wannan kalma tana nufin wuri ɗaya da wanda aka ambata yanzun nan, wato bayani na 30 da ke samansa, amma a shafi na 60. Ka ɗaga ido zuwa na 30, sai ka ga Hiskett, op. cit., 58. To, nan ne aikin yake.

Ma'anar op. cit. ita ce littafin wannan marubuci da aka riga aka ambata a baya, kuma ba ta faɗin yaya nisan bayan yake. Dole ka riƙe sunan Hiskett, ka koma baya lamba bayan lamba, wani lokaci har ka tsallake babi guda, sai ka iske inda aka fara rubuta sunan littafin a cike, da garin da aka buga shi da shekara. Kada ka tsaya a ambato na farko da idonka ya faɗa a kai. Mervyn Hiskett ya wallafa The Sword of Truth, tarihin rayuwar Shehu, a 1973, sannan a 1975 ya fitar da A History of Hausa Islamic Verse, a kan waƙoƙin addini na Hausa. Idan marubucin ya ambaci duka biyun a baya, op. cit. kaɗai ba za ta gaya maka wanne yake nufi ba. A ƙa'ida, bai kamata ya yi amfani da ita a irin wannan hali ba, amma ana yi. Mafita ita ce ka buɗe shafi na 58 a kowanne, ka ga inda maganar ta dace. Ka kuma lura da shekarar bugu, domin an sake buga littafin farko a 1994, kuma sabon bugun littafi yana iya sauya lambobin shafi.

Akwai ƙanwarta, loc. cit., wadda ke nufin littafin nan kuma shafin nan dai, shi ya sa ba a bin ta da lamba.

Ita ma ibid. tana da nata haɗarin. Idan marubuci ya cusa sabon bayani tsakanin na 30 da na 31 lokacin gyara, sai ta koma tana nuna littafin da ba shi ake nufi ba. Alamar hakan ita ce ka buɗe shafin ka tarar ba ruwansa da zancen, ko lambar ta wuce yawan shafukan littafin. Idan haka ta faru, gwada bayanin da ke gaba ɗaya a sama. Jagoran rubutu na Jami'ar Chicago, a bugunsa na 17 na 2017, ya shawarci marubuta su riƙa sa gajeren sunan littafi a maimakonta, kuma a ganina wannan adalci ne ga mai karatu.

Ita kuwa et al. mai sauƙi ce: wane da sauransu. Littafin yana da marubuta da yawa, an ambaci na farko kawai, don haka da sunansa za ka nema a jerin manazarta ko a ɗakin karatu.

Wadda na fi so a yi hattara da ita ita ce cf., domin ma'anarta kwatanta. Marubucin da ya rubuta cf. Last, The Sokoto Caliphate bai ce daga littafin Murray Last na 1967 ya ɗauko maganarsa ba. Cewa ya yi ka je ka gwada ta da abin da Last ya faɗa, wanda yana iya zama kusa da nasa ra'ayin, yana kuma iya saɓa masa. Ɗalibai da yawa sukan kwafi irin wannan su sa a kundin digirinsu a matsayin hujja, alhali mai yiwuwa mutumin da suka jingina wa maganar musa ta ya yi. Wasu marubutan kuma suna sakaci, suna sa cf. inda suke nufin duba kawai, kuma daga ƙasan shafi ba za ka iya bambance su ba sai ka ɗauko littafin Last ɗin ka karanta wurin da kanka.