Taswirar Launi: Yadda Ake Ba Kowane Zangon Gajeren Fim Yanayinsa

Kafin kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story a 1995, wani mai zane da ke aikin, Ralph Eggleston, ya ɗauki alli mai launi ya zana fim ɗin a jerin ƙananan hotuna, tun daga farko har ƙarshe. Bai damu da kyan fuska ko daidaiton hannu da ƙafa ba. Abin da yake nema shi ne a kalli jerin a ga inda labarin yake da haske, inda ya yi duhu, da inda launi ya sauya saboda zuciyar labarin ta sauya. Wannan ita ce taswirar launi. Tun daga nan ta zama al'ada a kamfanin, kuma masu ɗaukar fim da kyamara ma suna amfana da ita.

A ganina mai gajeren fim ya fi kowa bukatarta. Wanda ke da awa biyu yana da sararin da zai gina yanayi da hira da kiɗa. Wanda ke da minti tara ba shi da wannan sukunin. Dole mai kallo ya ji a jikinsa cewa al'amura sun juya tun kafin wani ya buɗe baki, kuma ido ya fi kunne saurin kai wannan saƙo.

Abu uku ake juyawa. Akwai launin kansa, ko ja ne ko shuɗi ko ruwan goro. Akwai haskensa, wato yadda ya kusanci fari ko baƙi. Sai kuma cizawarsa: kore shar daban, koren da ya koɗe daban, ko da yake dukansu kore ne. Sabon shiga yakan tsaya a na farko kawai, ya ce zangon murna rawaya, zangon baƙin ciki shuɗi, shi ke nan. Amma haske da cizawa su ne suka fi ɗaukar nauyin aikin. Wanda ya ga farkon fim ɗin Up na 2009 zai tuna 'yan mintocin da aka nuna zaman auren Carl da Ellie ba tare da magana ba. Shekarun ƙuruciya launi ya ciza, da rashin lafiya da mutuwa suka zo sai ya yi ta koɗewa, har gidan ya koma kusan ruwan toka. Gidan dai shi ne, kujerun ma su ne.

Bari mu ƙirƙiri labari mu gwada. Daren jajibirin Sallah ne, a shagon wani tela. Yaron shago yana gugar rigar wani dattijo da ba a wasa da shi, aka ɗauke wuta, ya koma wa dutsen guga na gawayi, garwashi ya faɗo ya ƙona ƙirjin rigar. Maigidansa ya riga ya tafi gida. Yaron ya kwana yana neman mafita, daga ƙarshe ya rufe ƙunar da aikin zare, ya kai rigar da asuba yana jiran hukunci. Minti tara, fitowa goma sha biyu, zango uku.

Sai a samo takarda doguwa a ja akwatuna goma sha biyu a jere, kowanne bai wuce kwalin ashana ba. Ƙanƙantar da gangan ce, don kada mutum ya shagala da zana ido da hanci. A kowane akwati launi uku sun isa: na bango da sarari, na tufafin wanda ake kallo, da na hasken da ke faɗowa a kansa. Wanda bai iya zane ba yana iya yanko ƙyallaye ko takardu masu launi ya manna, ko ya ɗauki hotunan wurin da waya ya jera su. A ƙarƙashin kowane akwati a rubuta abin da yaron ke ji da kalma ɗaya ko biyu: zumuɗi, firgita, fid da rai, saduda.

Zangon farko, akwatuna huɗu, la'asar ce sakaliya. Shago ya cika da yadudduka, rana na shigowa ta ƙofa. Nan za a ba ruwan goro da ruwan ɗorawa da ja dama su ciza, haske ya wadata, inuwa ta yi laushi. Cikin wannan ɗumi sai a kawo rigar dattijo, koriya shar. Ga sharaɗin da za a kafa tun a takarda: duk fim ɗin babu wani abu kore sai ita. Gajeren fim ɗin Disney mai suna Paperman, na 2012, ya yi irin wannan dabara, domin baƙi da fari ne, sai jan jambaki da ya fito a kan takarda, kuma ido ba ya barin wannan ja. Riƙe sharaɗin a wajenmu ba wasa ba ne. Ƙofofi da bangaye da yawa kore ake shafa musu, ga bokitin roba, ga tabarma, in kuma damina ce ko'ina ganye ne. Taswirar ce za ta sa a lura da waɗannan tun ranar duba lokeshan, a kawar da abin da zai kawu, a juya kyamara daga abin da ba zai kawu ba.

Zango na biyu shi ne mafi tsawo, akwatuna biyar, kuma nan aikin yake. Ana ɗauke wuta sai ɗumin nan ya tafi gaba ɗaya. Bango ya koma shuɗi mai duhu, yaduddukan da ke ta ƙyalli ɗazu suka dusashe. Abu ɗaya mai ɗumi ya rage, garwashin da ke cikin dutsen guga, kuma shi ne zai yi ɓarnar. A lura da abin da ya faru: launin da ya zama na walwala a zangon farko ya dawo a matsayin barazana. Shi ya sa ban yarda da jadawalan nan da ke cewa ja fushi ne, shuɗi baƙin ciki ne, kamar an saukar da su ba. Launi yana samun ma'anarsa daga abin da ya gabace shi a cikin fim ɗin, da kuma al'adar masu kallo. Farin yadi a wajen Bahaushe yana iya zama kwalliyar Idi, yana iya zama likkafani, labarin ne zai raba gardama.

Kada kuma akwatuna biyar ɗin su zama shuɗi iri ɗaya. Ido yana sabawa da launi cikin ɗan lokaci, ya daina jin sa, kamar yadda mai shiga ɗaki daga rana yake fara ganin duhu, jim kaɗan komai ya daidaita. Saboda haka duhun ya riƙa ƙaruwa daki-daki. Akwati na biyar akwai sauran haske daga titi. Na shida da na bakwai yaron yana yawo da tocila yana buga ƙofofin shagunan da aka rufe. Na takwas shi ne mafi duhu a fim ɗin, inda ya zauna ya rasa abin yi, ko koren rigar ba a iya bambancewa sosai. A na tara ya kunna 'yar fitila ya ɗauki allura, koren ya fara dawowa.

Zangon ƙarshe akwatuna uku ne. Jarabar da ke nan ita ce a koma wa ruwan goron farko don a nuna komai ya daidaita. Gara a guje ta, domin yaron da ya kwana bai runtsa ba ya riga ya canza. Hasken safiya ya fi dacewa: fari-fari, mai yalwa, launuka a sanyaye, mutane cikin fararen kaya suna haramar masallacin Idi. A nan rigar za ta fito fiye da ko'ina, tunda babu mai gasa da ita.

Da an gama, a manna takardar a bango a ja da baya a kanne ido. In ba a ga gaɓa uku a fili ba, da sauran aiki. Sannan a ɗauke ta hoto da waya a mayar da shi baƙi da fari. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa: ruwan goro da shuɗin da aka zaɓa sai su fito toka iri ɗaya, alamar launi kawai aka canza, haske bai motsa ba. Gwaji mafi tsanani shi ne a nuna wa wanda bai san labarin ba, a tambaye shi inda yake ganin abu ya ɓaci. In ya ɗora yatsa kusa da akwati na takwas, taswirar ta yi.

Ranar ɗauka, babban maƙiyin taswirar yana cikin kyamarar kanta. Waya da yawancin kyamarori suna gyara launin haske da kansu, su ga ɗumin la'asar su ɗauka kuskure ne su wanke shi. Dole a kashe wannan a sa lamba da hannu. Hasken rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelvin, tsohon ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuma wajen 3200. In aka saita kyamara a 3200 alhali fitilar mai hasken rana ce, hoton zai karkata zuwa shuɗi, abin da zango na biyu ke so ke nan. In aka ɗaga lambar sama da ta hasken da ke wurin, hoton zai ƙara ɗumi. A zaɓi lamba ɗaya ga kowane zango, a rubuta ta a ƙarƙashin akwatunansa, kada a taɓa ta. A kuma kula da ƙananan fitilun caji masu arha, domin wasunsu na zubo wani kore-kore a fuska wanda ido ba ya gani sai a allo.

Fuska kuwa ita ce iyakar wannan wasa. In aka kwarara shuɗi a kan baƙar fata ba tare da lissafi ba, sai ta yi toka-toka kamar ta marar lafiya, idanu su ɓace. A bar shuɗin a bango da gefen kafaɗa, a ba fuskar ɗan haske mai ɗumi daga abin da labarin ya tanada, garwashi ko fitila. Da safe matsalar takan juye: farar shadda a rana tana ƙone hoto, in aka rage haske dominta fuska ta nutse. Maganin shi ne a ɗauka da sassafe ko a inuwa, a zaɓi yadi mai ruwan madara maimakon fari fat, a kuma mayar da haske kan fuska da farin kwali. Duhun akwati na takwas ma kada ya kai baƙi ƙirin wajen ɗauka. Yawancin masu kallo a waya za su gani, bayan manhajar aikawa ta matse fim ɗin, kuma wuraren duhu ne ke fara dagulewa. A ɗauka da ɗan haske, a rage shi wajen tacewa.

Masu cewa edita zai gyara komai daga baya suna ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Manhaja irin DaVinci Resolve tana iya ƙara ɗumi, ta rage cizawa, ta daidaita fitowa biyu da aka ɗauka a ranaku daban-daban. Amma in ƙofar shagon koriya ce kamar rigar, duk abin da aka yi wa ɗaya zai shafi ɗayar, sai dai a bi hoto ana keɓe ta, aikin da zai ci kwanaki. Fentin ƙofa tun farko ya fi wannan sauƙi da arha. Don haka a ba mai kayan sawa, da mai haske, da mai ɗaukar hoto, da edita kwafin taswirar tun kafin a sayi yadi ko a kama hayar shago.